Kwalba biyar ba ta juya ni: ashe jikina ya fi ƙarfin giya ke nan?

Malam, a sakaya sunana. Ni ɗan Sakkwato ne, shekarata 34, ina sana'ar albasa. Shekara huɗu ke nan ina shan giya a ɓoye, na san haramun ce, kuma ina roƙon Allah Ya shirye ni. Da farko kwalba guda ke juya ni. Yanzu kusan kullum dare nakan sha manya biyar, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, in tuƙa motata in koma gida ba tangaɗi, iyalina ma ba su ganewa. Ƙarfe shida na safe in ɗauki hanyar Illela. Abokaina na cewa kaina ƙarfi gare shi. Sai dai da safe hannuna na ɗan karkarwa. Azumin bara na yanke ta kwatsam rana guda, kwana uku ina gumi ba barci, na ɗauka zazzaɓi ne. Tunda ba ta bugar da ni, tana yi mani illa kuwa? Kuma in sake yanke ta rana guda bana?

Ƙanena, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Hukuncin giya ka riga ka faɗe shi da bakinka, kuma a garin Shehu ba a rasa malamin da zai ƙara maka bayani. Abu ɗaya zan taɓo daga wannan ɓangaren, saboda na ji kamar zuciyarka tana neman maɓoya a wurin: hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ke nan rashin buguwa bai buɗe ƙofa a addini ba. A likitance ma bai buɗe ba, kuma nan ne zan tsaya da kai.

Abokanka sun ga wani abu na gaskiya, fassarar ce suka kuskure. Bari mu fara da abin da ya faru a cikin kanka.

Ƙwaƙwalwa tana aiki da saƙonni iri biyu, kamar birki da totur a motarka. Akwai sinadarin da ke lafar da jijiyoyi, likitoci na kiransa GABA, shi ne birki. Akwai wanda ke zaburar da su, gulutamet, shi ne totur. Giya idan ta shiga tana danna birki, ta kuma ɗage ƙafa daga totur. Shi ya sa a shekararka ta farko kwalba ɗaya ke sa harshe ya yi nauyi, ƙafa ta harɗe, barci ya taso. To amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a riƙa danne ta kullum. Idan ta ga kowane dare abin nan yana zuwa, sai ta yi gyara: ta rage ƙarfin birkinta, ta ƙara wa totur wuta, don ta iya tsayawa daidai duk da giyar. Wannan gyaran shi ne sabo na farko, shi ne abin da ake yaba maka a majalisa. Ƙwaƙwalwarka ta sake tsara kanta ta yadda sai da giya take daidaita, kuma karkarwar hannun nan ta safe shaida ce: giya ta ragu a jini, birki ya yi laushi, totur yana danne, babu mai riƙe shi.

Akwai sabo na biyu, na koyo. Mutum ya tuƙa hanya ɗaya sau ɗari da giya a jikinsa, ya san inda rami yake, ya san ya rage magana in ya shiga gida, ya san ya taka a hankali a zaure. Jiki ya koyi ɓoye alamun. Wannan koyon yana aiki ne a kan abin da aka saba yi a wurin da aka saba. Ranar da ɗan kabukabu ya ɓullo daga lungu ba fitila, babu wani koyo da zai taimaka, domin abin da ake buƙata a wannan daƙiƙar shi ne ido ya gani, kai ya yanke hukunci, ƙafa ta kai birki, kuma giya tana jinkirta wannan ko ga tsohon mashayi. Gaskiya ne wanda ya saba ya fi sabon shiga iya miƙe tafiya da magana. Amma jin da yake yi cewa lafiyarsa lau ya fi ainihin lafiyar tasa nisa, kuma a wannan tazarar ake mutuwa a kan titi.

Na uku ita ce hanta. Idan ana sha kullum takan ƙara yawan wasu sinadaran da take narkar da giya da su, sai ta ɗan ƙara sauri. Ɗan ƙari ne, ba ninki biyar ba, alhali kai shan naka ninki biyar ya yi.

Yanzu zo mu yi lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Babbar kwalba tana ɗaukar mililita 600, kuma yawanci kashi 5 cikin 100 nata tsantsar barasa ce. Wato kowace kwalba tana ɗauke da kusan giram 24. Biyar sun zama giram 120 a dare ɗaya. Hantar mutum tana ƙone kimanin giram 7 zuwa 10 a awa guda, kuma ba ta da hanyar gaggawa: ko ka yi wanka da ruwan randa, ko ka ci goro, ko ka sha shayi mai kauri wurin mai shayi, ba ta ƙara sauri. Waɗannan suna buɗe ido ne kawai. Mu yi maka alfarma, mu ce taka hantar tana ƙone giram 10. Daga takwas zuwa sha biyu ta ƙone 40. Lokacin da kake murza makulli, saura giram 80 a jikinka.

Ban san nauyinka ba, mu ɗauka kilo 70 ne. A jikin namiji barasa tana bazuwa a kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa, wato kamar kilo 47. Raba 80 da 47, ka samu kusan giram 1.7 a kowace lita ta jini. Iyakar da aka sa wa direba a Najeriya rabin giram ce a lita. Kai kana tuƙi da fiye da ninki uku. Idan ka ci tuwo ko tsire kafin ka fara, adadin zai ɗan sauka, amma ba zai sauko kusa da iyakar ba. Da za a ɗebi jininka da na wani yaro mai nauyinka da ya sha biyar ɗin a karon farko yana kwance yana amai, sakamakon zai fito kusan ɗaya. Shi jikinsa ya kayar da shi, ya hana shi taɓa sitiyari. Kai naka jikin ya daina yi maka wannan gatan.

Safiyar ta fi damuna. Daga sha biyu zuwa shida awa shida ne, wato giram 60. Saura 20, kusan giram 0.4 a lita, dab da iyaka. Idan kuwa hantarka giram 8 take ƙonewa, saura 40, wato sama da 0.8 a lita, ka haye iyakar sosai. Ƙara da cewa barcin da ka yi bai wuce awa biyar ba, kuma barcin giya ba ya hutar da kai yadda ya kamata. A haka kake bin hanyar Kware da Gwadabawa, inda manyan motoci, jakai, raƙuma da yara 'yan talla duk suke da rabo a titin. A nan akwai wata yaudara da aka daɗe da sani. Tun 1919 wani likitan Ingila, Edward Mellanby, ya lura cewa maye ya fi bayyana lokacin da barasa ke hauhawa a jini fiye da lokacin da take sauka, ko da adadin ɗaya ne. Mutum yana jin ta sake shi tun tana nan. Saboda haka jin garau da asuba ba ma'auni ba ne, agogo da lissafi su ne ma'auni. Kuma ka tuna da wannan lissafin kafin ka tayar da kabbarar sallar asuba.

Ka tambaya ko tana yi maka illa. Abin da ya saba da giya ƙwaƙwalwa ce, ita ma ta fuskar jin maye kaɗai. Hanta, tumbi, zuciya da jijiyoyin jini ba su san wani sabo da ke kare su daga illa ba, giram suke ƙirgawa. Giram 120 a dare, in an yi dare shida a mako, giram 720 ne. Kusan duk wanda ke sha haka kitse yana taruwa a hantarsa, kuma wannan matakin ba ya ciwo, ba ya nuna alama, yana kuma warkewa idan an bari. Wasu daga nan hantar ke kumbura, wasu ta yi tabo ta ƙanƙance ta taurare, wanda shi ba ya komawa yadda yake. Hanta gwanar haƙuri ce, tana iya lalacewa sosai mutum yana cinikinsa a kasuwa. Kafin ido ya yi ɗorawa irin na shawara, ciki ya kumbura da ruwa, ko a yi aman jini, an yi nisa. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin matsala: ciwon hanta nau'in B ya yawaita, mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma idan ya haɗu da giya lalacewar ta fi sauri. Hawan jini ma yana bin irin wannan shan, shi ma shiru yake zuwa.

Don haka a wurina mai kai mai ƙarfi ya fi mai raunin kai shiga haɗari. Wanda kwalba ɗaya ke kayarwa, ɗaya zai sha. Kai babu abin da ke tsayar da kai sai aljihu da agogo. An ma daɗe da lura cewa waɗanda giya ba ta saurin kamawa sun fi faɗawa cikin kamu da ita. Kuma sabo da maye yana gudu fiye da yadda sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe numfashi ke sabawa, sai ya zama tazarar da ke tsakanin abin da kake buƙata don ka ji ta da abin da zai iya kashe ka tana ta raguwa. Idan aka haɗa da tiramadol, kodin, ko ƙwayoyin barci irin su baliyam, tazarar takan rufe a dare ɗaya, saboda duk numfashi suke dannewa. Ban ce kana shan su ba, amma na san a irin wuraren nan hannu ɗaya ke miƙo duka. Farasitamol ɗin da ake watsawa don ciwon kan safe shi ma a yi hattara: sinadarin da hanta ta ƙara saboda giya shi ne ke juya shi ya zama guba gare ta, don haka kada ka wuce ƙa'ida, kada kuma ka mayar da shi na kullum.

Wata rana kana iya ganin abin ya juye, kwalba biyu ta bugar da kai kamar farkon farawa alhali ba ka yi hutu ba. Kada ka yi murna cewa jiki ya dawo daidai. Sau da yawa wannan alama ce ta hanta ta gaza.

Sai maganar azumi, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Abin da ya same ka bara, bisa dukkan alamu, ba zazzaɓin sauro ba ne. Ƙwaƙwalwar da aka saita da giya ce aka janye mata ita rana guda. Abin yana da jadawalinsa. Awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe ake fara karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da ba su taɓa yi ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kaɗan daga cikinsu sukan shiga ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, sambatu, ganin ƙwari ko mutanen da babu su, rashin sanin inda suke. Wannan matakin yana kisa idan ba a kai asibiti ba, kuma a gidajenmu sau da yawa iska ake cewa, a tsaya ruƙiyya da hayaƙi har lokaci ya ƙure. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun. Bara ka tsallake, amma wannan ba tabbaci ba ne, domin kowane yankewa da komawa yana iya sa na gaba ya fi tsanani, ga shi kuma ka ƙara shekara guda ta sha a kai. Ka haɗa da ƙishirwar azumi a zafin Sakkwato, ka ga abin da kake shirin ɗora wa jikinka.

Amsata ke nan: ka bari, bari na har abada, amma kada ka yanke rana guda kai kaɗai a ɗaki. Kada kuma ka jira ganin wata. Wannan ba izinin ci gaba da sha ba ne, cewa nake a cikin makon nan ka ga likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, wanda kake wucewa ta garin duk lokacin da za ka Illela. Na san abin da mutane ke cewa game da wanda aka gani a Kware. Ka bar su. Ma'aikatan wurin sun saba da masu shaye-shaye, kuma sirrin marar lafiya amana ce a aikin likita, ba zai kai ka gaban kowa ba.

In ka shiga, faɗi adadin na gaskiya: manya biyar, kusan kullum, shekara huɗu, karkarwa da safe, da abin da ya faru a azumin bara. Kusan kowa yakan rage rabi saboda kunya, sai likita ya auna magani a kan ƙarya. Zai duba hawan jini, ya sa a gwada aikin hanta da ciwon hanta nau'in B da C, wataƙila a ɗauki hoton ciki. Ka sani cewa gwajin jini yana iya fitowa da kyau alhali hanta ta fara taɓuwa, don haka kyakkyawan sakamako ba takardar komawa majalisa ba ce. Daga nan zai yanke ko a gida za ka yi jinyar ko sai an kwantar da kai. Yawanci akan ba da maganin da ke riƙe birkin nan na ƙwaƙwalwa, a riƙa rage shi a hankali cikin kamar mako guda har ta koma tsayawa da kanta, a haɗa da bitamin B1, wanda giya ke ƙarar da shi kuma rashinsa ke lalata tunani. Kada ka je kemis ka sayi irin wannan maganin da kanka. Shi ma ana kamuwa da shi, kuma idan ya haɗu da giya yana tsayar da numfashi. Idan watan ya kama kana tsakiyar magani, ka tambayi likita da malami tare, marar lafiya yana da rangwamen ramuwa.

Kana buƙatar mutum ɗaya a gida da ya san abin da ake ciki a kwanakin nan, wanda zai san cewa jijjiga, ruɗewa ko gane-gane na nufin a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Yayanka ne, amini ne, ko uwargida, kai ka san wanda zai riƙe maka. Ni dai ina shakkar cewa matar da ke kwana ɗaki ɗaya da kai shekara huɗu ba ta ji wari ba. Mata da yawa sun sani, shiru suke yi don rufin asiri, kuma wataƙila ta daɗe tana jiran ka buɗe baki.

Tuƙi kuwa ba ya jiran likita. Daga daren yau, duk daren da ka sha, ba ka taɓa mota, kuma ba ka tuƙa ta da shida na safe. Ka ɗauki yaron da zai ja ka, ko ka bi motar haya zuwa Illela. 

Saura haɗarin bayan salla, wanda ba a cika faɗa ba. Sabon nan da aka gina cikin shekaru yana zubewa cikin makonni. Bayan wata guda ba sha, ƙwaƙwalwa ta mayar da birkinta, amma hannu da ido suna tuna biyar, abokai ma biyar za su jera maka don murnar dawowa. Biyar ɗin da kake tashi da ita yau tana iya kwantar da kai ranar, ka yi amai cikin barci ya shaƙe ka. Abin da ya fi shi ne kada ka koma majalisar ko don gaisuwa, domin wurin, mutanen da lokacin su kansu suna tayar da sha'awar, kuma ƙarfe takwas ɗin nan sai ka nema mata wani abin yi. Ka gaya wa likita tun yanzu cewa kana son a ci gaba da ganinka bayan salla, akwai magungunan rage sha'awar giya da zaman tattaunawa da ake yi don wannan lokacin. Idan kuma ka taɓa ganin wani cikin abokan nan naka ya sha ya faɗi, ana girgiza shi bai farka ba, numfashinsa yana ja da nisa, kada a bar shi wai ya yi barci ta sake shi. A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai a baki, a nemi mota a kai shi asibiti.